Facin Gaggawa Ya Fito Ba a Ranarsa Ba: Matakan da Mai Kula da Kwamfutoci Zai Bi

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi a Garwa da Marwa ita ce wannan: "Makon jiya kwamfuta ta gama sabuntawa, yau kuma ga wani saƙon yana cewa a sake. In yi, ko in bari sai ƙarshen wata?" Ni aikina kula da kwamfutocin irin waɗannan wurare ne, kuma amsata kullum ɗaya ce: facin da ya zo ba a ranarsa ba shi ne wanda bai kamata ya kwana biyu ba.

Microsoft tana fitar da facin tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, da ƙarfe 10 na safe agogon yammacin Amurka, wato ƙarfe 6 ko 7 na yamma a Kamaru da Cadi, ya danganta da lokacin shekara. An tsayar da rana ɗaya ne domin kamfanin ya gwada facin a kan injuna iri-iri, masu kula da ofisoshi kuma su san ranar da za su shirya. Tsarin yana tafiya daidai muddin masu gyara ne kaɗai suka san inda ɓarakar take. Idan ɓarayi suka riga su, suna shiga ta wurin alhali babu faci, ita ce ake kira ɓarakar kwana sifili, domin ko kwana ɗaya masu gyara ba su samu na fintinkau ba. A allo za ka ga an rubuta `zero-day`. A irin wannan hali jiran Talata ta biyu ya zama barin ƙofa a buɗe, sai kamfanin ya taƙaita gwaji ya saki facin da zarar ya haɗu. Shi ne za ka ga an yi masa alamar `out-of-band`, ko `hors bande` a shafukan Faransanci.

Zan bi matakan da misali ɗaya da na yi aiki a kansa da hannuna: ɓarakar firinta ta Yulin 2021 da aka yi wa laƙabi da `PrintNightmare`, a wani shagon buga takardu mai kwamfuta takwas da firinta ɗaya a Garwa. Facin nan ya tsufa, sababbi sun maye gurbinsa, amma jerin aikin bai sauya ba.

1. Tabbatar da labarin kafin ka taɓa komai

Labarin ɓaraka yakan fara iso mu ta WhatsApp, kuma ɓarayi sun san haka. Duk lokacin da aka shiga ruɗani, sai saƙonnin ƙarya su biyo baya ɗauke da fayil ko mahaɗa, wai "facin gaggawa". Saboda haka abin da za ka fara nema a cikin saƙon shi ne lambar ɓarakar. Kusan kowace ɓaraka da aka bayyana tana da lamba mai farawa da `CVE`, sai shekara, sai wasu alƙaluma. Ta firintar nan ita ce `CVE-2021-34527`.

Kada ka latsa mahaɗar da aka turo. Buɗe burauza ka rubuta adireshin da kanka. Idan ta Windows ce, `msrc.microsoft.com/update-guide`, ka sa lambar a wurin bincike. Layuka biyu ne za ka duba a shafin: `Publicly disclosed`, wato an riga an fallasa ta ga jama'a, da `Exploited`, wato an ga ana amfani da ita wajen kai hari. Idan na biyun ya ce `Yes`, ka ajiye sauran ayyukan ranar.

Mutane da yawa suna tsayawa a kan makin haɗari da ake bayarwa daga 0 zuwa 10. Makin yana da amfani, amma yana faɗin girman ɓarnar da za a iya yi ne, ba ya faɗin ko an fara yi. Ta firintar nan maki 8.8 aka ba ta. A wurina ɓaraka mai maki 7 da ake kai hari da ita yau ta fi mai maki 9.8 da ba wanda ya san yadda zai shiga ta cikinta gaggawa. Hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, tana da jerin ɓarakokin da aka tabbatar ana amfani da su, `Known Exploited Vulnerabilities`, tun Nuwamban 2021, kuma kowa na iya dubawa kyauta. A nan gida hukumar ANTIC ma tana fitar da sanarwar gargaɗi.

Gargaɗi: Microsoft ba ta aika faci ta imel ko ta WhatsApp. Haka nan shafin intanet da ya buɗe maka taga yana cewa burauzarka ta tsufa, ka sauke wani fayil, tarko ne. Rufe shi.

2. Lissafa injunan da abin ya shafa

Ɗauki littafi da biro ka zagaya. A kowace kwamfuta ka danna maɓallin Windows tare da `R`, ka rubuta:

```
winver
```

Taga za ta nuna maka zubin Windows da lambar gini, misali `21H1` da `19043.1052`. Rubuta su duka, tare da aikin da kowace kwamfuta ke yi da wanda ke zama a kanta. Dalilin wannan wahalar shi ne ɓaraka ɗaya tana da faci daban-daban. A Yulin 2021 zubin `2004` da `20H2` da `21H1` na Windows 10 sun sami faci mai lamba `KB5004945`, sauran kuma kowanne da lambarsa. In ka sauke wanda ba naka ba, ka ƙona data a banza.

A shagon da nake magana, shida suna kan `20H2` ko `21H1`, ɗaya tana kan wani tsohon zubi da aka daina tallafa wa, ɗaya kuma Windows 7 ce da aka ajiye saboda tsohuwar sikana. Waɗannan biyun su ne ciwon kai, zan dawo kansu. Kada ka manta da kwamfutar hannu ta mai shago da ke zuwa tana komawa gida. Ita aka fi mantawa, ita kuma ta fi yawo.

3. Toshe ƙofa kafin faci ya iso

Nan ne ɓarakar kwana sifili ta bambanta da sauran. Akwai kwanakin da kowa ya san da ita amma babu faci, kuma a cikinsu aka fi yin ɓarna. Ga yadda ta kasance a 2021. Ranar 8 ga Yuni Microsoft ta toshe wata ɓaraka a manhajar da ke jera ayyukan firinta, wadda ake kira `Spooler`. A ƙarshen watan wasu masu bincike suka wallafa hanyar shiga, a zatonsu waccan da aka toshe ce. Ashe wata ce daban da ba a taɓa ba. Sun cire rubutun cikin sa'o'i, amma an riga an kwafe. Ranar 1 ga Yuli Microsoft ta ba ta lambarta, faci kuma bai fito ba sai 6 ga Yuli, mako guda kafin Talata ta biyu da ta faɗo 13 ga wata.

Abin da ya sa ta yi muni shi ne `Spooler` yana kunne a kowace Windows tun daga kafawa, kuma yana aiki da iko mafi girma a cikin injin. Mutum mai ƙaramin asusu, irin wanda muke buɗe wa kwastoma, yana iya yaudarar sa ya loda mugun fayil da sunan direban firinta, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, daga nan injin ya zama nasa. A shagon da baƙi ke zama a kan kwamfuta daga safe zuwa dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A shafin ɓarakar ka nemi sashen `Workarounds` ko `Mitigations`. Nan kamfanin ke faɗin abin da za a yi kafin faci. A wancan karon hanya ta farko ita ce kashe `Spooler` gaba ɗaya. Buɗe `PowerShell`, tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon shugaba, wato `Exécuter en tant qu'administrateur`:

```
Stop-Service -Name Spooler -Force
Set-Service -Name Spooler -StartupType Disabled
```

Layi na biyu yana hana shi tashi idan an sake kunna injin. Masu rubuta na farko kaɗai, da wuta ta ɗauke ta dawo, ƙofarsu ta sake buɗewa ba su sani ba.

Amma shagon buga takardu da firinta yake ci, kuma farkon Yuli ne, ɗalibai sun cika wurin da takardun neman shiga manyan makarantu. Da na gaya wa mai shagon abin da zan yi, sai ta ce, "Malam, ka kashe firinta a wannan makon? To me zan ba yaran nan a ƙarshen wata?" Na ce, "Hajiya, ba duka zan kashe ba. Ɗaya za ta ci gaba da bugawa, sai dai aikin zai ɗan yi nauyi na 'yan kwanaki."

Ga abin da muka yi. A kwamfutoci bakwai muka kashe `Spooler`. A ta takwas, wadda firinta ke haɗe da ita da waya, muka bi hanya ta biyu da Microsoft ta bayar: hana ta karɓar aikin bugu daga wasu injuna. Ana yi ta `gpedit.msc`, a ƙarƙashin `Configuration ordinateur`, `Modèles d'administration`, `Imprimantes`, a nemi saitin da ke ba `Spooler` izinin karɓar haɗi daga wasu injuna a mayar da shi `Désactivé`, sannan a sake tayar da injin. Ma'aikaciya ɗaya kaɗai ke zama a kanta, kwastoma kuma ya miƙa takardarsa a filashin shago, ba nasa ba. Layi ya yi tsawo, amma an ci gaba da aiki.

Gargaɗi: `gpedit.msc` babu shi a Windows na gida, wato `Famille`. Sannan wannan hanya ta biyu tana tare mai zuwa ta hanyar sadarwa ne kawai, ba ta tare wanda ke zaune a gaban injin. Shi ya sa ba a barin kwastoma a kanta.

Rubuta duk abin da ka kashe a littafinka. Bayan mako biyu ba za ka tuna ba.

4. Kwafe muhimman fayiloli, ka tanadi wuta

Facin gaggawa bai sha gwaji kamar na wata-wata ba, don haka ka ɗauka yana iya ɓata wani abu. Kwafe takardun kwastomomi da lissafin shago zuwa faifan waje, sannan ka zare shi daga injin. Faifan da aka bari a maƙale, duk abin da ya ci kwamfuta zai ci shi.

Sai wuta. Yuli damina ce, hadari na tasowa wuta na tafiya. Injin da wuta ta yanke masa yana tsakiyar rubuta faci yana iya ƙin tashi. Kwamfutar tebur ka ɗora ta a kan batirin ajiya da ka tabbatar yana riƙe aƙalla minti 20, ko ka tayar da janareta. Ta hannu kuma ta cika caji tukuna. Idan sama ta haɗe kuma ba ka da ko ɗaya, toshewar mataki na 3 za ta riƙe ka zuwa safe.

5. Sauke facin sau ɗaya

Hanya mafi sauƙi ita ce `Paramètres`, `Windows Update`, `Rechercher des mises à jour`. Abubuwa biyu ke hana faci zuwa a shagunanmu, kuma mu da kanmu muka sa su saboda tsadar data. Na farko shi ne dakatar da sabuntawa, wanda ke iya kai kwana 35. In ka ga maɓallin `Reprendre les mises à jour`, danna shi. Na biyu shi ne sanya wa wayifayi alamar `Connexion limitée`, wadda ke sa Windows ta ƙi sauke manyan fayiloli. Cire ta na ranar. Akwai na uku da ya fi muni: masu kafa Windows a kasuwa kan kashe sabuntawa ɗungurungum da wasu ƙananan manhajoji. Injin da aka yi wa haka zai zauna shiru shekara da shekaru, mai shi yana zaton lafiya.

Ga lissafin kuɗi. Cikakken fayil ɗin facin Windows 10 na lokacin ya ɗan haura rabin giga, na Windows 11 na baya-bayan nan kuma ya wuce giga ɗaya nesa. Idan injuna shida kowanne ya ja nasa daga modem ɗaya, data za ta tafi ninki-ninki, dare kuma ya ƙare ba a gama ba. Abin da nake yi shi ne in shiga `catalog.update.microsoft.com`, in rubuta lambar `KB`, in zaɓi layin da ya dace da zubin da na rubuta a mataki na 2 da kuma `x64`, in sauke fayil mai ƙarewa da `.msu` sau ɗaya. In layinka yana da garaɓasar dare, wannan ne wurin amfani da ita. Akwai kuma `Optimisation de la distribution` a cikin saitin sabuntawa, wanda ke barin injunan da ke kan hanyar sadarwa ɗaya su raba abin da ɗayansu ya sauke.

Ka sani ba kowane facin gaggawa ke zuwa da kansa ba. Wasu a wancan kundin kaɗai ake ajiye su. Shafin `KB` ɗin yana da jadawali da ke faɗin ta inda ake samu, da kuma facin da dole ya riga shi shiga. Karanta wannan sashen, musamman idan injin ya yi watanni bai sabunta ba.

Gargaɗi: filashin da za ka zagaya da shi ka goge shi tsaf tukuna. Filashin shago da ya shiga injin kowa ba abin ɗaukar magani ba ne. Kafin ka buɗe fayil ɗin, danna dama, `Propriétés`, `Signatures numériques`, ka ga sunan Microsoft kuma sa hannun yana da inganci.

6. Gwada a kan ɗaya, sannan sauran

A facin wata-wata ina iya barin injin gwaji ya yi kwana uku. A na gaggawa awa ɗaya ko biyu nake bayarwa. Zaɓi injin da ya yi kama da sauran amma ba shi ne ke riƙe da shago ba. Danna fayil ɗin sau biyu, ko ka rubuta:

```
wusa.exe D:\faci.msu /quiet /norestart
```

A wurin `D:\faci.msu` ka sa ainihin sunan fayil ɗinka da inda yake. Bayan ya gama ka sake tayar da injin, ka gwada abubuwan da ake cin abinci da su: buɗe takarda, buga shafi ɗaya bayan ka sake kunna `Spooler` yadda ke mataki na 7, sikana, manhajar lissafi. Wannan gwajin ba na al'ada ba ne. Facin 6 ga Yuli ya hana wasu firintocin rasit da na lakabi masu shiga ta USB aiki, Microsoft ta amsa hakan, ta kuma gyara cikin kwanaki. Mai kantin magani da ya sa wa injin rasit ɗinsa ba gwaji zai gane ne lokacin da kwastoma ke tsaye.

In gwaji ya yi kyau, bi sauran da wannan jeri: wanda ke fuskantar intanet ko ke yi wa wasu hidima, sai waɗanda baƙi ke taɓawa, sai na ma'aikata. A shagon Hajiya, kwamfutar da firinta ke haɗe da ita ce ta biyu, sannan na kwastomomi. Injuna shida sun ci mini kusan awa huɗu, domin masu tsohon faifai suna jan ƙafa.

In facin ya ɓata wani abu da ba za a iya haƙura da shi ba, ana cire shi:

```
wusa /uninstall /kb:5004945
```

Amma da ka cire, ɓarakar ta dawo, don haka nan take ka mayar da toshewar mataki na 3 a kan wannan injin.

Akwai masu cewa bari su jira mako guda su ga ko wasu za su yi kuka. Na fahimci tsoron, amma ga abin da ba su lura da shi ba. Ranar da faci ya fito, masu kutse kan ɗauki fayil ɗin da aka gyara su gwama shi da tsohon, bambancin ya nuna musu daidai inda ramin yake. Ɓarakar da jiya mutum kaɗan suka iya amfani da ita, bayan faci sai ta zama ta kowa. Harin `WannaCry` na 12 ga Mayun 2017, da ya shafi ƙasashe kusan 150, ya bi ta ramin da aka riga aka fitar wa faci tun 14 ga Maris. Waɗanda ya ci, jinkirin wata biyu ne ya ba da su.

7. Sake tayar da injin, ka tabbatar ya kama

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. An sauke, an kafa, ba a sake tayarwa ba. Muddin tsohon fayil yana cikin ƙwaƙwalwar injin, ramin yana nan. Zaɓi `Redémarrer`, kada ka dogara da `Arrêter`, domin saurin tashi na Windows yakan ajiye wani ɓangare na tsohon zama idan an kashe kawai.

Sannan ka duba a `PowerShell` da ikon shugaba:

```
Get-HotFix -Id KB5004945
```

In ya kawo layi mai kwanan wata, ya shiga. Ka kuma sake `winver`. Da wancan facin lambar gini ta ƙare da `.1083`, misali `19043.1083`. Facin Windows na tarawa ne, sabo yana ɗauke da na baya. Don haka idan umarnin bai ga lambar ba amma ginin ya wuce wannan, an rufe ka.

Wani lokacin faci kaɗai bai isa ba, kuma wannan ɓarakar misali ce. Kwana ɗaya bayan fitowarsa masu bincike suka nuna cewa injin da aka sassauta wa wani saiti, don ma'aikata su riƙa haɗa firinta ba tare da tambaya ba, yana nan a buɗe. Ana dubawa haka:

```
reg query "HKLM\SOFTWARE\Policies\Microsoft\Windows NT\Printers\PointAndPrint"
```

In ya ce bai sami komai ba, lafiya. In ka ga `NoWarningNoElevationOnInstall` da ƙima 1, mayar da ita 0, haka ma `UpdatePromptSettings`. Sai bayan wannan ne za ka mayar da abin da ka kashe:

```
Set-Service -Name Spooler -StartupType Automatic
Start-Service -Name Spooler
```

Kada ka manta da saitin `gpedit.msc` na injin firinta, in ba haka ba sauran ba za su iya aika mata aiki ba.

8. Duba ko an riga an shiga

Faci yana rufe ƙofa, ba ya korar wanda ke ciki. Tunda ɓarakar ta riga facin, dole ka ɗauka akwai yiwuwar wani ya shigo a tsakani. An ga wannan a fili a Maris na 2021, lokacin da Microsoft ta fitar da facin gaggawa na sabar imel ta `Exchange` ranar 2 ga wata: ƙungiyoyi da yawa sun sa facin, amma maharan sun riga sun dasa ƙofofin baya, kuma suka ci gaba da shiga ta nan.

A ƙaramin shago ga abin da za ka iya yi ba tare da sayen komai ba. Duba waɗanda ke da ikon shugaba:

```
net localgroup Administrateurs
```

A Windows ta Turanci sunan rukunin `Administrators` ne. Sunan da ba ka sani ba alama ce babba. A ɓarakar firinta, leƙa `C:\Windows\System32\spool\drivers\x64\3` ka jera fayiloli bisa kwanan wata. Fayil `.dll` da ya bayyana a kwanakin da ba ka haɗa wata firinta ba abin tuhuma ne. Daga nan ka sabunta rigakafin Windows ka yi `Analyse complète`.

In ka ga alama, kada ka tsaya goge fayil ɗaya ka ce an gama. Zare injin daga hanyar sadarwa, ka sake kafa Windows daga tushe, sannan ka sauya kalmomin sirrin da aka taɓa rubutawa a kansa, daga wani injin mai tsabta. A shagon Hajiya ban ga komai ba, amma duk da haka mun sauya kalmar sirrin shugaba, wadda na tarar duk yaran shago sun sani.

9. Injunan da ba za su sami faci ba

Mai tsohon zubin Windows 10 mun ɗaga ta zuwa `21H1` a ƙarshen mako, kafin nan `Spooler` ɗinta a kashe. Ta Windows 7 kuwa, tallafinta ya ƙare tun 14 ga Janairun 2020. An fitar mata da faci a wancan Yulin, amma na masu biyan kuɗin ƙarin tallafi ne. Muka zare mata wayar sadarwa, ta zama ta sikana kaɗai. Ban san wata dabara da ta fi wannan ba ga injin da aka daina kula da shi.

Wannan matsalar yanzu ta ƙaru, domin tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma ita ce a kan yawancin kwamfutocin gwanjo da ke shigo mana. Injin da bai shiga shirin ƙarin tallafi ba, kuma ba zai ɗauki Windows 11 ba, kada ka sa rai da facin gaggawa na gaba. Ko a sauya masa manhaja zuwa Linux, ko a cire shi daga intanet, ko a fara tara kuɗin wani.

10. Burauza da waya

Waɗannan sun fi sauƙi, kuma ɓarakokinsu sun fi yawan zuwa. A Chrome ka rubuta `chrome://settings/help`, zai sauke da kansa, sai ka danna `Relancer`. Wanda ke barin shafuka 30 a buɗe mako guda bai rufe ba yana kan tsohon zubi ko da sabon ya sauka. A Satumban 2023 an sami ɓaraka a yadda ake buɗe hotunan `WebP`, lamba `CVE-2023-4863`. Da yake manhajoji da yawa suna amfani da guntun manhaja iri ɗaya wajen buɗe waɗannan hotuna, sai da Chrome da Edge da Firefox kowanne ya fitar da nasa facin, don haka duk burauzar da ke kan injin sai an bi ta.

A Android ka shiga `Paramètres`, `À propos du téléphone`, ka nemi kwanan watan sabuntawar tsaro. Google tana haɗa faci, amma kamfanin da ya ƙera wayar ne ke turo shi, kuma wayoyi masu araha da yawa ana daina turo musu da wuri. In kwanan watan ya haura shekara, wayar ba ta dace da riƙe kuɗin shago ba. Manhajojin ciki kuma ta `Play Store` za a sabunta su, ba da fayil ɗin da aka turo daga wayar aboki ba. A Mayun 2019 an yi amfani da wata ɓaraka a kiran WhatsApp aka dasa manhajar leƙen asiri a wayoyin mutum kusan 1,400, ko da ba su ɗauki kiran ba. Maganin shi ne sabon zubin da ke kantin, kuma masu kwafaffen WhatsApp na bayan fage ba ta nan suke samun nasu ba.

11. Koma shafin bayan kwana uku, da kuma ranar Talata ta biyu

Facin da aka yi cikin sauri sau da yawa yana da ƙane. Na 6 ga Yuli bai haɗa da wasu zubin ba, sai washegari nasu ya fito. Ranar 13 ga Yuli facin wata ya zo ya haɗiye shi. Ranar 10 ga Agusta kuma Microsoft ta sauya doka gaba ɗaya: kafa direban firinta ya koma sai da ikon shugaba. A makon ne Hajiya ta kira ni cewa wata kwamfuta tana neman kalmar sirri kafin ta haɗu da firinta. Wani ya ba ta shawarar a sassauta saitin, wato a sake buɗe ƙofar da aka rufe. Na je na kafa direban da asusun shugaba a kan kowane inji, minti biyar-biyar, na bar saitin yadda yake.

A littafin shagon na ƙara shafi mai layi huɗu: lambar `CVE`, lambar `KB`, ranar da aka sa wa kowane inji, da lambar ginin da `winver` ya nuna bayan an sake tayarwa.